Na daina sa gishiri na koma dunƙule, amma hawan jinin bai sauka ba

Maman Sadik: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu ilimin lafiya ku warware min wannan. Maigidana yana da hawan jini, yana shan amlodifin ƙwaya ɗaya kullum da safe. Da ya koma asibiti aka gwada aka ga 156 bisa 94, likita ya ce a rage masa gishiri kafin a yi maganar ƙarin magani. Tun daga ranar gishiri bai sake shiga tukunyar miyata ba, dunƙule kawai nake sawa don kada abincin ya yi lami. Bayan wata guda an sake gwadawa, 154 bisa 95. Shin maganar gishirin nan gaskiya ce, ko dai abin da likitoci suka saba faɗa wa kowa ne? In gaskiya ce, maki nawa yake saukewa?

Hajiya Mai Abinci: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kafin masu asibiti su zo, faɗa min: dunƙule nawa kike sawa a miyar dare a da, nawa kike sawa yanzu, kuma ku nawa ne a gidan?

Maman Sadik: Mu takwas ne da yara, Hajiya. A da biyar nake sawa, da gishiri ƙaramin cokali biyu. Yanzu goma, wani lokacin sha ɗaya in miyar kuka ce.

Hajiya Mai Abinci: To ai ga amsarki nan. Ki ɓare guda ɗaya ki ɗora a harshe ki faɗa min abin da kika fara ji.

Sista Nas: Hajiya ta riga ni. Maman Sadik, bari mu yi lissafin tare. Ƙaramin dunƙulen da aka fi amfani da shi nauyinsa giram 4 ne, kuma kusan rabinsa gishiri ne tsantsa, wani ma ya wuce rabi. Sauran shi ne sitaci, mai, suga, farin magi da kayan ƙamshi. To ki ɗauka kowane ɗaya gishiri giram 2 ne. Ƙaramin cokali a shafe yana ɗaukar giram 5 zuwa 6. A da kina sa dunƙule biyar, giram 10, da cokali biyu, wajen giram 11, duka 21. Yanzu kina sa dunƙule goma, giram 20. Kin ga miyar tana nan yadda take, kuɗin cefane ne kawai ya ƙaru. Saboda haka awon da aka yi wa maigidan bai ƙaryata likita ba, don har yanzu ba a gwada abin da likitan ya ce ba.

Maman Sadik: Innalillahi. To Sista, in an rage da gaske, nawa zai sauka?

Sista Nas: Zan faɗa miki ba ƙari ba ragi, don na ga masu cewa gishiri ba ya komai, na kuma ga masu cewa da ka daina shi ka warke. A 2013 an tattara gwaje-gwaje 34 da aka yi a ƙasashe daban-daban, inda mutane suka rage gishiri na aƙalla mako huɗu. Sun rage wajen giram 4 da rabi a rana, wato bai cika ƙaramin cokali ba. Masu hawan jini na samansu ya sauka da maki 5 da ɗan wani abu, na ƙasa da kusan 3. Waɗanda ba su da hawan jini na sama ya sauka da wajen 2 da rabi, na ƙasa da 1. Wannan matsakaici ne. Wani zai samu 10, wani ba zai ga komai ba. Waɗanda suka fi amfana su ne masu manyan shekaru, masu ciwon suga ko na ƙoda, da baƙar fata gaba ɗaya. An yi gwajin ma a kudu maso yammacin Najeriya da Jamaika, aka ga sauka ta wajen maki 5.

To ki ɗora a kan maigidan. Daga 156, in komai ya tafi daidai, ki sa ran 150 ko 148. Abin da ake so shi ne ƙasa da 140 bisa 90. Kin ga da wuya gishiri kaɗai ya kai shi, mai yiwuwa sai an ƙara magani. Amma ƙwaya biyu da za ta iya zama uku, ta tsaya a biyu.

Abban Yara: Maki biyar kacal? Sista, don Allah. Mutum ya yi ta cin abincin marasa lafiya har ƙarshen rayuwarsa saboda maki biyar? Ni in na hau bene na sauko sai awona ya canza da goma.

Sista Nas: Gaskiya ne, Abban Yara, awo yana hawa yana sauka a cikin wuni da fiye da haka. Amma na bene minti kaɗan yake yi ya koma. Biyar ɗin da nake faɗa tana nan dare da rana, shekara da shekaru, a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda. Manyan gwaje-gwajen magungunan hawan jini sun nuna cewa duk maki 5 da na sama ya sauka, haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da danginsu yana raguwa da kamar kashi 10 cikin 100. Kuma ƙwayar magani guda ɗaya a ma'auninta na yau da kullum wajen maki 9 take saukewa. Ke nan rage gishiri ya fi rabin ƙwaya, kuma ba a sayensa a kemis.

Abban Yara: Kashi 10 dai. Ni har yanzu ban ga abin ɗaga hankali ba, amma na ji.

Ummi Amarya: Ni dai tun da aka ce min farin magi yana wanke bayi da tukunya na daina saye. Abin da zai cire tsatsa me zai yi wa hanji? Maman Sadik ki daina magi duka, ki koma gishirinki, shi ai Allah ne ya halicce shi.

Mai Kemis: Amarya, kin juya maganar. Lemun tsami ma yana wanke tukunya. Ba a kan hanji ake magana ba, a kan sodiyam ake yi, wato sinadarin da ke cikin gishiri wanda ke riƙe ruwa a jiki ya sa ƙoda ta kasa fitar da shi da sauri. Gishiri kashi 40 cikin 100 nasa sodiyam ne. Farin magi kashi 12 ne, kamar kashi ɗaya cikin uku na gishiri. In kika cire cokalin gishiri kika sa ɗan farin magi kaɗan a madadinsa, sodiyam ya ragu. Matsalar ita ce a gidajenmu ba musanya ake yi ba, tarawa ake yi: a sa gishiri, a sa dunƙule kala biyu, a sa farin magi, a kawo na leda mai ɗanɗanon kaza a zuba, a teburi kuma a barbaɗa yaji. In kika ce ta zubar da magi ta koma gishiri zalla, tana iya ƙara wa maigidan abin da ake gudu.

Ummi Amarya: Ni dai ba zan ci ba.

Mai Kemis: Ba dole. Ba ki rasa komai ba, ki dai lura da hannunki a robar gishiri.

Malamin Lissafi: Ni ina da hanyar da ta fi ƙirga cokali, don cokalin mata ba shafe suke yi ba, tsororo suke yi, wasu ma da hannu suke ɗiba. Ku duba abin da ke ƙarewa a kicin. Maman Sadik, ledar gishiri mai giram 500 kwana nawa take yi muku a da? Fakitin dunƙule mai guda 100 fa?

Maman Sadik: Gishirin kamar mako biyu, Malam. Dunƙulen kwana goma, don akwai na rana da na dare, ga ƙwai ko wake da safe.

Malamin Lissafi: Madalla. Giram 500 a raba wa kwana 14, ya ba da wajen 36 a rana. Dunƙule 10 a rana giram 20 ne. Jimla 56. A raba wa mutum takwas, kowa giram 7. Amma yaro ɗan shekara biyar ba ya cin abin da maigida ke ci, don haka rabon maigida zai kai 9 ko 10. Za a cire ɗan abin da ke bin ruwan taliya ko doya in an tace, amma ba a sa burodi ba, ba a sa yaji ba, ba a sa tsiren da zai ci a hanya ba. Sista, nawa aka ce kada a wuce?

Sista Nas: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a rana, daga duk inda ya fito. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya kusa 11. Malam, lissafinka ya fi nawa amfani, don shi ne zai nuna ko an rage da gaske. Maman Sadik, ga abin da za ki sa a gaba: ledar nan ta yi wata guda, fakitin nan ya yi kwana ashirin. In kika cimma haka, rabon maigidan ya ragu da giram 4 zuwa 5, daidai da abin da aka rage a gwaje-gwajen da na ambata. Ba sai kin daina gaba ɗaya ba, raba biyu za ki yi.

Hajiya Mai Abinci: Amma kada ki raba a rana ɗaya, wallahi kwanon zai dawo miki a rufe. Na shekara da shekaru ina dafa wa jama'a, na san harshen mazanmu. Wannan makon ki cire dunƙule ɗaya, ki shafe cokalin maimakon tsororo, kada ki faɗa wa kowa. Bayan mako ɗaya ko biyu ki sake cire ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki cike gurbin. Albasa ki soya ta a hankali har ta yi ja ta yi zaƙi, ba ki jefa ta a mai ki bi ta da tumatir nan take ba. Kayan miya ki bar su su soyu har mai ya taso, tsamin nan ya mutu, don yawancin dunƙulen da muke zubawa tsamin tumatirin da bai soyu ba muke rufewa da shi. Nama ki tafasa shi da citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari da kimba kaɗan, romon kuma shi ne ruwan miyarki. A kuka da kuɓewa ki daka daddawa da busasshen kifi ko kirafish. Iyayenmu da wannan suka yi miya kafin dunƙule ya shigo kasuwa.

Sai kuma gishirin ki bar shi zuwa ƙarshe. Ki ɗanɗana bayan an kusa saukewa, sannan ki sa. Kuma tuwo, shinkafa, taliya, doya, duk abin da za a ci da miya, babu dalilin sa masa gishiri. Wannan kaɗai ya isa ya sa ledar ta daɗe.

Maman Sadik: Shinkafa ba gishiri, Hajiya? Ai Sadik ne zai fara kai ƙara.

Hajiya Mai Abinci: Zai kai na mako biyu ya gaji. Miya na rufe ta.

Sista Nas: Harshe yana sabawa, amma yana ɗaukar makonni, wani har wata biyu ko uku. Bayan nan abincin biki ne zai riƙa yi masa gishiri. Gyara ɗaya kawai, Hajiya: daddawa ita kanta ba ta da gishiri mai yawa, amma wasu masu sayarwa suna zuba mata don kada ta lalace, haka wasu busassun kifin. A ɗanɗana kafin a saya, kifin kuma a jiƙa shi a ruwan zafi a zubar da ruwan. Kuma kada a ware wa maigida tukunyarsa. Ba ya ɗorewa, watarana za ki same shi a kan kwanon yara.

Ɗan Damagaram: Ku yi haƙuri in shigo. Duk wannan maganar ta gishirin kamfani ce, farin nan da aka wanke da sinadari. Mu nan muna da gishirin Bilma da manda, daga ƙasa ake haƙo su, kakanninmu sun ci sun kai shekara casa'in. Kawuna da ya samu hawan jini shi aka koma sa masa. Sai kanwa, ai ita magani ce ma, tana wanke ciki.

Mai Kemis: Ɗan'uwa, ayarin da ke ɗauko gishiri daga Bilma da Fachi abin alfahari ne, amma abin da ke sa shi ɗanɗanon gishiri shi ne dai sinadarin da ke cikin na leda. Launin da kake gani ƙasa ce da wasu ma'adinai kaɗan. Haka jan gishirin nan na Fakistan da ake sayarwa da tsada a manyan kantuna. Jijiya ba ta bambance su. Na leda ma ya fi su da abu ɗaya: a Najeriya tun 1993 doka ta wajabta sa masa aidin, wanda ke hana maƙoƙo. Tunda za a rage, gara ɗan da za a ci ya zama mai aidin.

Kanwa kuwa, mutane da yawa suna ɗauka sinadarin fotasiyam ce ba sodiyam ba, saboda sunan fotash da ake kiranta da shi a kudu. Ba haka ba ne, mafi yawanta sodiyam ne, 'yar'uwar bakar hodar da ake sa wa cincin ce. Tana shiga wake, ɗanwake, kuka, kuɓewa, ƙosai a wasu gidajen, ba wanda ke lissafa ta don ba ta da ɗanɗanon gishiri. Ɗan ƙanƙanin da ake jefa wa tukunyar mutum takwas ba shi ne babban abin ba. Amma mai hawan jini da ke jiƙa kanwa yana sha don ciki, ko yake shan kunun kanwa kullum, ya daina. Wake kuma in an jiƙa shi tun dare, zai dahu ba kanwa.

Ɗan Damagaram: To kakannin fa?

Mai Kemis: Suna noma da ƙafa da hannu, ba su da teɓa, ba burodi ba indomi, gishiri kuma tsada gare shi, ba a barbaɗa shi kamar yanzu. Sannan ba mai gwada su. Wanda ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye sai a ce iska ce ta buge shi.

Alhaji Direba: Ni tambayata daban ce. Tirela nake ja, Kano zuwa Legas. A watan Afrilu in na cire riga da yamma sai ka ga farin gishiri ya yi zane a bayanta. Duk wannan lissafin giram biyar na masu zama a ofis mai sanyi ne a Turai. Mu da muke zubar da shi ta gumi, in muka rage ai jiri zai kwashe mu. Ni ma ina da hawan jinin, amma ban yarda da wannan ba.

Sista Nas: Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce. Gumi yana fitar da gishiri, kuma mai haƙar rami ko dako a tsakiyar rana, wanda zai zubar da lita da yawa, ba ɗaya yake da mai zaman shago ba. Ba zan ce wa irin wannan ya bi giram 5 ido rufe ba. Amma jikin da ya saba da zafi yana koyon riƙe gishirinsa, gumin sai ya yi ruwa-ruwa. Kuma yawan wanda kake ci yana ƙara yawan wanda ke fita, don haka zanen rigar ba lallai yana nufin ka rasa ba. Jirin da ake ji a zafi galibi ƙarancin ruwa ne. Kai kuma dubi abin da kake ci a hanya: mai shayi ya dafa indomi biyu da garin ledarsu duka, ya fasa ƙwai ya murje dunƙule a ciki, ga burodi. Da rana garau-garau da yaji, yajin nan kuma gishiri da magi ne suka riƙe shi. Da dare tsire ko balangu a sake barbaɗawa. Indomi guda ɗaya da garinsa kan kai rabin abin da aka yarda a ci a wuni ko ya wuce. Ko ka raba wannan biyu ba za ka yi ƙasa da abin da jiki ke buƙata ba.

Alhaji Direba: Sista, kamar kina cikin motar. Amma ni na taɓa jin wani likita a rediyo yana cewa rage gishiri sosai ma haɗari ne.

Sista Nas: Akwai wannan muhawarar a tsakanin masana, ba ƙarya ya yi ba. Wasu manyan bincike sun ga kamar masu cin kaɗan ƙwarai ma suna fuskantar matsala, wasu kuma sun ce yadda aka auna gishirin a fitsari ne ba daidai ba, kuma marasa lafiya ne dama ke cin kaɗan. Ba a gama ba. Amma rigimar tasu a kan can ƙasa ce. Ba wanda a cikinsu ya ce mai hawan jini da ke cin giram 12 ya ci gaba. Abin da ba a taɓawa shi ne ruwan gishiri da suga na mai gudawa, wannan a haɗa shi yadda aka rubuta ko da mai hawan jini ne.

Alhaji Direba: Zan ce wa mai shayi ya sa rabin garin. Tsire kuwa a bar ni da shi, ba da ni za a yi wannan ba.

Baba Na Ƙofar Gari: Yara, ni na daina gishiri, ina shan zoɓo da tafarnuwa, na ajiye ƙwayoyin nan wata uku ke nan. Kaina ba ya ciwo, lafiyata ƙalau.

Sista Nas: Baba, ranka ya daɗe, don Allah gobe a kai ka a gwada. Hawan jini ba ya aiko da ciwon kai kafin ya yi ɓarna. Mun sha karɓar mutane da 190 suna cewa ba abin da ke damunsu. Rage gishirin da ka yi ya yi kyau, zoɓo marar suga ma ba laifi, amma ba sa maye gurbin magani ga wanda nasa ya yi nisa. In awon ya sauka ƙwarai, likita da kansa zai rage ƙwayar.

Baba Na Ƙofar Gari: To 'yata, zan sa jikana ya kai ni.

Maman Sadik: Sista, ta yaya zan gane yana aiki, tunda an ce awon yana rawa? Kada in sake yin wata guda in je a ce min 154.

Sista Nas: Awo ɗaya a asibiti ba zai nuna miki maki 5 ba, musamman in ya sha layi da rana. In kuna da na'urar gida ta dantse, ba ta wuyan hannu ba, ga yadda za a yi. Tun kafin ki fara ragewa, ya gwada na kwana bakwai: da safe kafin ya sha magani da shayi, da kuma dare kafin ya kwanta. Ya zauna minti biyar a kujera ya jingina, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana, ba fitsari a mara. Kowane zama sau biyu, minti ɗaya tsakani. A rubuta duka, a watsar da na ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran. Bayan kin kai rabin da muka ce kin riƙe shi mako huɗu, a sake yin kwana bakwai. Waɗannan lambobi biyu za a gwama, su kuma za ku kai wa likita. A awon gida, 135 bisa 85 ne iyakar.

In kin tabbata leda tana yin wata, awon kuma bai motsa ba, sai a duba abu uku. Me yake ci a waje? Yana tsallake magani? Yana shan maganin ciwon jiki irin diklofenak ko ibufurofen? Waɗannan suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, suna iya cinye duk wahalar da kika yi a kicin. In duk babu, wataƙila yana cikin waɗanda gishiri bai cika taɓa awonsu ba, akwai su. Kuma kada ya fasa komawa asibiti a ranar da aka ba shi don yana jiran sakamakon miya.

Maman Sadik: Abincin rana a kasuwa yake ci, can ne ban da iko.

Hajiya Mai Abinci: Ki zuba masa a kula. Mu masu sayarwa ba za mu rage ba, in na rage yau gobe suna wajen maƙwabciyata.

Malamin Lissafi: Shi ya sa wasu ƙasashe suka bi ta kamfanoni. Afirka ta Kudu ta kafa doka da ta fara aiki a 2016, ta sa iyaka ga sodiyam ɗin burodi, dunƙule, garin miya da sauransu, kowa ya rage tare, ba mai gudu wajen maƙwabci. Ga mai duba leda kuma: in an rubuta `Sodium` a bayan fakiti, ka ninka lambar sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Miligiram 800 gishiri giram 2 ke nan.

Ummi Amarya: To gishirin masu hawan jini fa da ake sayarwa a manyan kantuna? Na so in saya wa Mamana, ita ma tana da shi, ga ciwon suga.

Mai Kemis: Dakata tukuna, Amarya. Wannan gishiri ne da aka cire wani kaso aka sa fotasiyam a gurbinsa. Yana aiki: a Sin an gwada shi a ƙauyuka 600, mutum kusan 21,000, yawancinsu sun taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko kuma tsofaffi ne masu hawan jini. An ba su mai kashi 75 gishiri, 25 fotasiyam, na wajen shekara biyar. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna awon sama ya sauka da maki 3 da ɗan kai kawai, amma shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14, mutuwa da kashi 12. Abban Yara, ka ga abin da 'yan makin da ka raina suke yi. Sai dai ba a sa masu ciwon ƙoda mai tsanani a gwajin ba, kuma da dalili. Ƙodar da ta yi rauni ba ta iya fitar da fotasiyam, in ya taru yana rikita bugun zuciya, har ya tsayar da ita. Mai ciwon suga da hawan jini na shekaru kuwa sau da yawa ƙodarsa ta taɓu bai sani ba. Wane magani Mama take sha?

Ummi Amarya: Na duba ledar. Akwai lisinofiril, akwai na suga, da wata ƙarama da aka ƙara mata don kumburin ƙafa, sifironolakton.

Mai Kemis: To kada ki saya. Lisinofiril da sifironolakton duka suna riƙe fotasiyam a jiki, ki ƙara na uku a miya kin nemo fitina. Ki rage mata na gida yadda Hajiya ta koyar. In kun koma asibiti ki tambaya yaushe aka yi mata gwajin ƙoda da na fotasiyam na ƙarshe, don mai shan waɗannan biyun ana bibiyarsa da gwajin jini a kai a kai. In an daɗe ba a yi ba, ki roƙa a rubuta mata a ranar.